Riɗin Auwalu

Wasiƙar ta iso wa Auwalu ne a tsakiyar kakar riɗi, lokacin da manyan motoci daga Jigawa da Binuwai suke ta sauke kaya a kasuwar Dawanau. Wani mutum da ya ce shi ne jami'in sayayya na wani kamfanin kayan abinci a Birmingham yana neman farin riɗi kwantena biyu, kimanin tan 19 kowace, a kan farashin da ya ɗara na kasuwa. Sharaɗinsa ɗaya ne: a aika masa da takardar lodin jirgi ta asali, shi kuma ya biya bayan kwana 30.

Alhaji Sabi'u, wanda da jarinsa Auwalu yake juyawa, ya ce, "Ɗana, arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa, kai kuma kana tambayarsa sunan ubansa?"

"Kawu, ku yi mini haƙuri zuwa Juma'a," in ji Auwalu. "Duk wanda ya riƙe takardar nan shi ke da kayan a tashar jirgi, ko ya biya ko bai biya ba."

Da dare ya buɗe shafin Companies House, rajistar kamfanonin Birtaniya, wadda kowa yake iya dubawa kyauta. Kamfanin yana nan daram, ya daɗe da rajista, yana miƙa bayanan kuɗinsa duk shekara, kuma lambar rajistarsa ta yi daidai da wadda take kan takardar odar. Har hankalinsa ya fara kwanciya, sai ya lura cewa adireshin imel ɗin mutumin ya ƙare da -uk.com, alhali shafin kamfanin da .co.uk ya ƙare. Da ya bincika ranar da aka yi wa wancan adireshi rajista, sai ya tarar ko wata biyu bai cika ba. Wurin da aka ce a sauke kayan ma ba ya cikin rumbunan da kamfanin ya lissafa a shafinsa.

Washegari ya ƙyale lambar da take ƙasan wasiƙar, ya kira wadda take shafin kamfanin. Matar da ta ɗauka ta sa ya maimaita sunan jami'in, sannan ta ce ba su da ma'aikaci mai wannan suna, kuma ba shi ne na farko da ya kira a kan maganar ba.

Duk da haka Auwalu ya rubuta wa mutumin cikin ladabi cewa sai an biya kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari, sauran kuma ta takardar lamunin banki, kafin ya cike fom ɗin NXP na fitar da kaya ƙasar waje ko ya tura mota tashar jirgin ruwa ta Apapa. Amsa ta zo cikin minti goma, cike da zargin rashin yarda da barazanar komawa wajen wani ɗan kasuwa.

Alhaji Sabi'u ya saurari fassarar har ƙarshe, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, kira dillalin nan na Legas, ka ji nawa yake sayen tan yau."