Amsa ga Masu Bita kan Maƙalarmu ta Jinkirin Fara Maganin Tarin Fuka

Zuwa ga mai girma Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna sake miƙo maƙalarmu mai taken "Daga karɓar kaki zuwa ƙwayar farko: jinkirin fara maganin tarin fuka kafin zuwan Xpert MTB/RIF da bayansa a asibitoci huɗu", tare da amsa ga kowane batu da masu bita biyu suka ɗaga. Ni da abokan aikina mun zauna da sharhin nan har sau uku, kuma ya gyara mana abubuwa, musamman batu na biyu na Mai Bita na Biyu, wanda ya sa muka sake lissafi daga tushe. Akwai kuma wuraren da muka tsaya a kan bakanmu, kuma a kowanne mun faɗi dalili. Duk abin da aka sauya an ja masa layi a sabon kwafin, lambobin shafi da ke ƙasa kuma na sabon kwafin ne.

MAI BITA NA ƊAYA

Batu na 1. Mai bita ya nemi a cire marasa lafiya 37 da ba su fara magani ba, a lissafa matsakaicin kwanaki na sauran, sannan a kwatanta rukunan biyu, na kafin zuwan na'urar gwajin kaki ta Xpert da na bayan zuwanta, da gwajin t.

Mun gode da shawarar, amma ba za mu iya binta ba, kuma wannan ne batun da ya fi kowane muhimmanci a wurinmu. Tambayar maƙalar ita ce: idan gwaji ya nuna mutum yana da tarin fuka, yaushe magani yake shiga bakinsa? Wanda bai taɓa farawa ba shi ne jinkirinsa ya fi na kowa tsawo. Idan muka cire shi, mun cire mafi munin sakamako, sai asibitin da ya fi zubar da marasa lafiya ya fito kamar shi ne ya fi sauri, domin waɗanda suka rage a lissafinsa su ne waɗanda suka dawo da wuri. Cikin mutum 412 da muka bi, 9 sun rasu kafin a fara ba su magani, 28 kuma ba a sake ganinsu ba har kwana 90 suka cika. Ni na zauna da rajistocin nan da kaina. A shafi guda za ka ga ranar karɓar kaki, ranar fitowar sakamako, sai gurbin ranar fara magani babu komai a ciki, wani lokaci ma'aikacin ya rubuta da fensir a gefe cewa an kira waya ba ta shiga. Waɗannan guraben da babu komai a cikinsu suna daga cikin abin da muka fita nema, don haka ba za mu share su ba.

Matsakaici kuma bai dace da irin waɗannan alƙaluma ba. Yawancin mutane sun fara magani cikin 'yan kwanaki, kaɗan ne suka yi makonni, akwai wanda sai a kwana na 83. Irin wannan mutum ɗaya yana jan matsakaici sama har ya daina kama da halin kowa. Shi ya sa muka ba da adadin tsakiya, wato midiyan, muka kuma yi amfani da hanyar nazarin lokaci zuwa faruwar abu, wadda tun aikin Kaplan da Meier na 1958 aka tanade ta don irin wannan hali, inda lokacin bibiya yake ƙarewa wasu ba su kai ga abin da ake jira ba. Mun lura bayaninmu na farko a kan wannan ya yi gajarta, wataƙila shi ya jawo tambayar. Mun faɗaɗa shi a shafi na 7, mun kuma ƙara zanen da ke nuna yadda kwanakin suka karkata gefe guda a Rataye na 2, don mai karatu ya gani da idonsa.

Batu na 2. Mai bita ya ce ya kamata a tabbatar da kowane sakamako da renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, a kuma bi ƙa'idojin STARD na rubuta rahoton nazarin ingancin gwaji.

Da muna auna ingancin gwajin ne, da wannan magana ta zama dole. Amma ba shi muke aunawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da Xpert MTB/RIF tun watan Disamba na 2010, kuma an yi rubuce-rubuce da yawa kan yadda yake gano ƙwayar cutar da bijirewarta ga maganin rifamfisin. Mu abin da ya dame mu shi ne, na'urar tana fitar da sakamako cikin kamar awa biyu, to ina sauran kwanakin suke tafiya? Likitocin asibitocin nan sun yanke hukunci ne da sakamakon da ke hannunsu, na madubin likita a zangon farko, na Xpert a zango na biyu. Renon ƙwayoyi a kan Löwenstein-Jensen yana iya ɗaukar har mako takwas kafin a ce babu komai, ke nan ba shi da hannu a hukuncin da muke nazari. Ƙa'idojin da suka dace da binciken lura irin namu su ne STROBE na 2007, kuma mun haɗo da jerin abubuwansa 22 a cike. Mun ƙara jimla biyu a gabatarwa, shafi na 3, da suka fayyace cewa wannan ba nazarin ingancin gwaji ba ne.

Batu na 3. Lambobin Jadawali na 2 ba su yi daidai da na tsakure ba.

Gaskiya ne, kuskurenmu ne. Na jadawalin su ne daidai. Mun gyara tsakuren, mun kuma sake bin kowane adadi a maƙalar.

Batu na 4. A ƙara maƙalu shida da mai bita ya lissafa cikin manazarta.

Mun karanta duka shidan. Biyu sun shafi jinkirin fara magani kai tsaye, mun kawo su a tattaunawa, shafi na 14, kuma ɗaya daga cikinsu ta sa mun sassauta wata magana da muka yi. Sauran huɗun suna magana ne kan jerin ƙwayoyin halittar ƙwayar cutar. Ayyuka ne masu kyau, sai dai mun duba ba mu sami jimla ko ɗaya a maƙalarmu da za su tallafa ba, don haka ba mu sa su ba.

MAI BITA NA BIYU

Batu na 1. A lissafa ƙarfin binciken bayan kammalawa, tunda bambancin da aka gani tsakanin masu ɗauke da cutar ƙanjamau bai kai ma'aunin 0.05 ba.

Mun fahimci damuwar: wannan rukuni ƙarami ne, kuma mai karatu zai iya ɗauka cewa mun ce babu bambanci. Damuwar tana kan hanya. Sai dai lissafin da aka nema ba zai warware ta ba. Ƙarfin da ake lissafawa daga bambancin da aka riga aka gani yana fitowa ne kai tsaye daga ƙimar p ɗin kanta. Idan p ta tsaya daidai kan 0.05, ƙarfin zai fito kusan kashi 50 cikin 100, idan ta haura, zai fito ƙasa da haka, ko wane irin bincike ne. Ba ya ƙara wa mai karatu sanin komai. Abin da muka yi maimakon haka shi ne, mun ba da tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100 ga wannan rukuni a Jadawali na 3. Tazarar tana da faɗi, ta haɗa da raguwar jinkiri mai yawa, ta kuma haɗa da rashin sauyi, kuma haka muka rubuta a fili. Mun cire jimlar da ta ce "babu tasiri" daga shafi na 11, domin alƙalumanmu ba su kai su faɗi haka ba. Sanarwar da Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar a 2016 ma ta yi gargaɗi kan rataya hukunci a kan ko p ta tsallake wani layi ko ba ta tsallake ba.

Batu na 2. Bai kamata a ɗauki waɗanda suka rasu kamar waɗanda bibiya ta yanke kawai ba.

Nan mai bita ya yi gaskiya, kuma mun ji daɗin da ya gano wannan kafin a buga. Hanyar Kaplan da Meier tana ɗauka cewa wanda ya fita daga lissafi yana iya fara magani daga baya, kamar sauran. Wanda ya rasu ba zai fara ba har abada, don haka lissafinmu na farko ya ɗan kumbura kason waɗanda suka fara magani. Mun sake aikin da hanyar Aalen da Johansen, inda mutuwa take tsayawa a matsayin sakamako mai zaman kansa. Zane na 1 sabo ne. Adadin tsakiya bai motsa ba a rukunan biyu, kason waɗanda suka fara magani zuwa kwana na 90 ya ɗan sauka, kuma hukuncin maƙalar yana nan yadda yake.

Batu na 3. A bayyana sunayen asibitocin huɗu.

Ba mu da ikon yin haka. Izinin da kwamitin ɗa'ar bincike ya ba mu, da yarjejeniyar da shugabannin asibitocin suka sa wa hannu, duka sun gindaya cewa ba za a ambaci suna ba. A ƙaramin asibiti, inda ma'aikaci ɗaya ne yake riƙe da rajistar tarin fuka, faɗin sunan wurin daidai yake da nuna shi da yatsa. Sun buɗe mana littattafansu bisa amana. Domin mai karatu ya iya auna ko sakamakon ya shafi inda yake aiki, mun ƙara a Jadawali na 1 girman kowane asibiti, ko na'urar tana cikinsa ko kai samfur ake yi wani wuri, da yawan ranakun da ake ɗaukar samfur a mako.

Batu na 4. A ƙarfafa kammalawa, a ce Xpert ne ya rage jinkirin, a kuma sa haka a take.

Mun gode da wannan kyakkyawan zato ga aikinmu, kuma ba za mu ɓoye ba, mu ma muna ganin na'urar tana da hannu. Amma bincikenmu kwatanta kafin da bayan ne, babu rukunin da aka bari a gefe don awo, ba a kuma raba mutane ta hanyar ƙuri'a ba. A zangon da na'urar ta zo, biyu daga cikin asibitocin sun sami ƙarin ma'aikacin ɗakin gwaji, ɗaya kuma ya fara kiran marasa lafiya a waya ranar da sakamako ya fito. Ba mu da hanyar raba tasirin waɗannan da na na'urar. Masu tsara kasafin lafiya suna karanta irin wannan maƙala, kuma idan muka ce na'ura kaɗai ta yi aikin, wani zai iya sayen na'ura ya manta da mai kiran waya. Mun bar kalmar "alaƙa" a inda take, mun bar taken yadda yake, mun kuma kawo waɗannan sauye-sauye uku a sashen iyakokin bincike, shafi na 15, inda a da muka taƙaita su a jimla ɗaya.

Batu na 5. Tattaunawar ta yi tsawo.

Mun yarda. Mun rage sakin layi uku, mun haɗe biyu.

Mai girma Edita, batu na 1 na Mai Bita na Ɗaya da batu na 2 na Mai Bita na Biyu suna ja ne ta fuskoki daban: ɗaya yana so a cire waɗanda ba su fara magani ba, ɗayan yana so a ƙara kula da yadda aka lissafa su. Mun bi na biyun. Idan kuna so wani masanin ƙididdiga ya duba, a shirye muke mu aiko da bayanan da aka cire wa duk wata shaida ta mutum, tare da umarnin manhajar ƙididdiga ta R da muka yi lissafin da shi.

Muna godiya ga masu bita bisa lokacinsu, da ku bisa damar sake miƙo aikin.

Naku da girmamawa,
Jagorar marubuta, a madadin dukkanmu