Wasiƙa zuwa ga Malama Hadiza kan inhelar Ummi

Assalamu alaikum Malama, ya aiki ya fama da yara? Allah ya ba da lada.

Maman Ummi ce ta aji 3. Ummi tana da asma, kuma tunda hazon nan ya sauko ta fara tarin dare, shi ya sa na sa mata inhelarta a ƙaramin aljihun gaba na jakarta. Mai ruwan bulu ce, salbutamol, tare da wata roba mai kamar gora da ake cewa sifesa. Mai ruwan ƙasar tana gida, wannan ni nake ba ta safe da dare.

Don Allah Malama ki riƙa lura da ita don yarinyar akwai kunya, ba za ta faɗa ba, sai dai ki ga ta yi shiru ta kifa kai a benci tana tari ba ƙaƙƙautawa, in kika matso za ki ji ƙirjinta na wani siririn kuka kamar na kyanwa. To lokacin ne.

Ki zaunar da ita a miƙe, kar a kwantar da ita. Ki cire murfin inhelar ki girgiza sosai, ki soka a gindin robar, ta kama ɗayan bakin da leɓenta gam. Ki danna sau ɗaya kawai, ta ja numfashi a hankali sau 5, sai ki sake girgizawa ki ƙara dannawa ɗaya. Kar a danna biyu a tare. Yawanci biyun nan sun isa, cikin 'yan mintoci za ki ga ta dawo daidai. In hannunta ya ɗan yi rawa ko zuciyarta na bugawa da sauri kar ki tsorata, maganin ne, zai wuce.

Amma in bai lafa ba, ko ta kasa haɗa magana, ko kika ga ƙasan wuyanta na lotsawa in ta ja numfashi, ko leɓenta ya canza kala, likita ya ce a ci gaba da danna ɗaya-ɗaya duk bayan kamar minti 1 har a kai danna 10. A nan kar ku jira ni don Allah, ku sa ta a keke ku wuce asibitin Barau Dikko da inhelar a hannu, ku kira ni a hanya. Lambata da ta babanta na rubuce a jikin robar.

Ranar wasanni kuma a ba ta danna 2 minti 15 kafin a fita fili. Ta yi wasanta, ba na so a ware ta. Shara ce dai nake roƙo a cire ta, kuma in ana ƙona bola a matsar da ita daga taga.

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Maman Ummi, Unguwar Rimi