Wasiƙar neman gyaran harajin da aka cire a albashin Janairu da Fabrairu 2026

Sashen Ajiyar Kaya,
Reshen Sharaɗa, Kano.
Talata, 3 ga Maris, 2026.

Zuwa ga Shugaban Ofishin Biyan Albashi,
Sashen Kuɗi, Babban Ofishi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya, na rubuto ne a kan harajin da aka cire mini a watannin Janairu da Fabrairu na bana. A takardar albashi ta kowane wata, layin da aka rubuta PAYE ya nuna naira 49,338.67. A lissafina, abin da ya kamata a cire shi ne naira 30,704. Ke nan ana cire ƙarin naira 18,634.67 a wata, wanda a wata biyu ya kama naira 37,269.34. Ina roƙon a duba, a gyara, a kuma mayar mini da rarar.

Albashina bai canja ba tun bara: naira 300,000 ne a wata kafin a cire komai. Tushen albashi 120,000, kuɗin gida 75,000, kuɗin sufuri 45,000, sauran alawus-alawus 60,000. Babu ƙarin girma, babu kuɗin ƙarin lokacin aiki, babu wani bashin albashi da aka biya ni a waɗannan watanni da za a ce shi ya ɗaga harajin. Kuɗin fansho da ake cirewa daidai yake, wato kashi 8 cikin ɗari na tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri (naira 240,000), kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, ya kama 19,200. Na asusun gidaje na ƙasa, layin NHF, shi ma daidai ne: kashi 2.5 cikin ɗari na tushen albashi, naira 3,000. Ba ni da ƙorafi a kan waɗannan biyun.

A Disamba 2025 an cire mini harajin naira 33,837.07, aka tura mini 243,962.93 a banki. A Janairu abin da ya shigo ya koma 228,461.33, haka kuma a Fabrairu. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ba ta ƙara wa mai albashi irin nawa haraji ba. Ɗan sauƙi ma ta kawo masa. Ga yadda lissafin yake a ƙarƙashinta.

Albashin shekara naira 3,600,000 ne. A cire fansho na shekara, 230,400. A cire na asusun gidaje, 36,000. Saura 3,333,600. Sai rangwamen kuɗin haya, wanda sabuwar dokar ta kawo: kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ke biya a shekara, amma rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba. Hayar gidana naira 600,000 ce a shekara, don haka rangwamen ya kama 120,000. Abin da haraji zai hau kansa ke nan naira 3,213,600.

Daga nan sai a bi matakan sabuwar dokar. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu ko kwabo. Naira 2,200,000 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, ya ba da 330,000. Ragowar 213,600 ta faɗa matakin kashi 18 cikin ɗari, ya ba da 38,448. Jimillar harajin shekara naira 368,448, idan aka raba gida goma sha biyu kowane wata ya tashi a 30,704 cif. Abin da ya kamata ya shiga asusuna a wata shi ne naira 247,096.

Ban tsaya ga cewa an yi kuskure ba, na yi ƙoƙarin gano ta inda 49,338.67 ta fito, don aikin gyaran ya zo muku da sauƙi. Na gwada hanyoyi da dama, ɗaya ce kawai ta ba da wannan adadi har da kwabbansa.

A tsohuwar doka, kafin a ɗora haraji ana fara cire wa ma'aikaci dunƙulallen rangwame: naira 200,000 (ko kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigarsa idan ya fi haka yawa), sannan a ƙara kashi 20 cikin ɗari na abin da ya rage bayan cire kuɗin fansho da na asusun gidaje. A kan albashina wannan rangwame ya kai 866,720 a shekara. Bayan shi ne ake bin tsofaffin matakai shida: kashi 7 a kan 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biyu, kashi 15 a kan 500,000, kashi 19 a kan wata 500,000, kashi 21 a kan 1,600,000, sai kashi 24 a kan duk abin da ya haura 3,200,000. Sabuwar doka ta soke wancan rangwamen, ta kuma sauya matakan gaba ɗaya. Abubuwan biyu tare suke tafiya, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

To idan aka ɗauki 3,333,600 ba tare da wani rangwame ba, aka bi da ita ta tsofaffin matakan, ga abin da ke fitowa: 21,000 da 33,000 da 75,000 da 95,000 a matakai huɗu na farko, 336,000 a na biyar, sai 32,064 a kan 133,600 da ta haura. Jimilla 592,064 a shekara. A raba gida goma sha biyu, 49,338.67. Shi ne daidai abin da ke kan takardata. Wannan ya nuna mini cewa a manhajar lissafin albashi an kashe tsohon rangwamen tun Janairu, amma ba a shigar da sababbin matakan ba, ba a kuma shigar da rangwamen haya ba. An haɗa mini nauyin doka biyu, ba a ba ni sauƙin ko ɗaya ba. Kuɗin da doka ta ce kada a taɓa, wato 800,000 na farko, an ɗora musu harajin naira 84,000.

Ku ne kuke da manhajar a gabanku, ku za ku tabbatar. Abin da nake roƙo a buɗe a gani shi ne jadawalin matakan haraji da aka liƙa wa lambata, da ranar da aka sa ya fara aiki. Idan jadawali ɗaya ne ake amfani da shi ga kowa, to ba ni kaɗai abin ya shafa ba, kuma ƙananan ma'aikata sun fi ni cutuwa. Wanda abin da ya rage masa a shekara bayan fansho bai wuce 800,000 ba bai kamata a cire masa komai ba, amma da wannan lissafin za a riƙa yankar masa kuɗi duk wata, kuma da yawansu ba sa duba takardar albashi, saƙon banki kawai suke gani. Don Allah a duba nasu tare da nawa.

Game da rangwamen haya, na miƙa rasit ɗin biyan haya da kwafin yarjejeniyar haya ga ofishin kula da ma'aikata ranar 12 ga Janairu, aka buga mini hatimin karɓa. Mai yiwuwa takardun ba su iso teburinku kafin a rufe lissafin watan ba, shi ya sa na sake haɗo kwafinsu. Ina so a raba wannan batu da na farko, kada jiran tantance takardun haya ya riƙe gyaran babban kuskuren. Ko da an ajiye rangwamen haya gefe, harajin shekara zai zama 390,048, wato 32,504 a wata. Tasirin hayar duka naira 1,800 ne a wata. Sauran 16,834.67 ba su da alaƙa da kowace takarda da ake jira daga gare ni.

Sai maganar yadda za a mayar da kuɗin, kuma a nan lokaci yana da muhimmanci. Harajin da aka cire a wata ana miƙa shi ga hukumar tara haraji ta jihar da ma'aikaci yake zaune kafin ranar 10 ga watan da ke biye. Ni mazaunin Kano ne, don haka nawa Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano yake zuwa. Na Janairu na san ya riga ya tafi. Na Fabrairu kuwa, idan ba a tura ba tukuna, akwai sauran mako guda. A gyara jadawalin da za a aika ya nuna 30,704, rarar 18,634.67 da ke hannun kamfani a turo mini ita kai tsaye. Rarar Janairu kuma a rage ta daga harajin Maris, a cire 12,069.33 maimakon 30,704. Daga Afrilu sai a koma kan 30,704.

Idan kuwa na Fabrairu ma ya riga ya fita, to rarar 37,269.34 ta fi harajin wata guda. Sai a bar Maris ba a cire komai ba, a Afrilu a cire 24,138.66, daga Mayu a ci gaba da 30,704. Ta kowace hanya aka bi, abin da za a miƙa da sunana daga Janairu zuwa Disamba ya tsaya a 368,448. Na fi son a daidaita ta cikin albashi a wannan shekarar da a ce in je hukumar haraji neman a dawo mini da kuɗi, domin kuskuren a wurin lissafi ya faru, kuma a nan ya fi saurin gyaruwa. Idan akwai wata ƙa'ida ta hukumar da ta hana a yi hakan, a sanar da ni a rubuce tare da hanyar da za a bi.

Ina kuma roƙon a sake fitar mini da takardun albashin watannin biyu da adadin da aka gyara, ko a nuna gyaran a layi na daban a takardar Maris, kada a cusa shi cikin alawus. Idan aka mayar da kuɗin a matsayin alawus, manhajar za ta ɗauke shi sabon kuɗin shiga ta sake ɗora masa haraji. Sannan a ƙarshen shekara kamfani zai miƙa bayanan albashi da harajin kowane ma'aikaci kafin 31 ga Janairu, kuma da su ake dogara wajen ba mutum takardar shaidar biyan haraji. Ina so abin da ke takarduna ya yi daidai da abin da ke wurin hukuma.

Na haɗo kwafin takardun albashina na Disamba 2025 da Janairu da Fabrairu 2026, da bayanin asusun banki da ke nuna abin da ya shigo a watannin uku, da rasit ɗin haya da yarjejeniyar haya mai ɗauke da hatimin 12 ga Janairu, da kuma shafi guda da na jera lissafin uku a kansa: na tsohuwar doka, na sabuwa, da wanda ya ba da 49,338.67.

Idan lissafinku ya saɓa da nawa, ina roƙon a turo mini shi dalla-dalla, mataki bayan mataki, in ga inda muka rabu. Zan so in sami amsa kafin ranar Litinin, 9 ga Maris, saboda wa'adin miƙa harajin Fabrairu. Ina ofishin ajiyar kaya kullum daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma, kuma a shirye nake in zo da asalin takardun duk lokacin da aka neme ni.

Na gode. Allah Ya ƙara girma, Ya karɓi ibadunmu.

Naka,
Sagir Lawan Tofa
Jami'in Ajiyar Kaya, lambar ma'aikaci 0417

Kwafi zuwa ga Shugabar Ofishin Kula da Ma'aikata.