Roƙon a Rubuta Amsar Wasiƙar Baffa Usman da Hausa da Larabci

Sakkwato, 12 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Kawu Malam Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka, na rubuto ne bisa umarnin Baba domin in roƙe ka wani aiki da ba mu da wanda zai yi mana shi kamar kai.

Kamar yadda ka sani, kakan Baba yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, kuma bayan yaƙin Burmi a 1903 ya juyo gida, ƙanensa kuwa ya wuce tare da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno har ƙasar Sudan. Jikan wannan ƙanen shi ne Baffa Usman, wanda ya yi zamansa a Wad Madani har zuwa watan Disambar bara, lokacin da yaƙi ya iso garin suka fice zuwa Gadarif. Makon jiya hoton wasiƙarsa ya shigo wayata ta WhatsApp, rubutun hannu da Larabci a kan takardar littafin makaranta. Limamin unguwarmu ya karanta mana, a nan muka ji cewa matar Baffa Usman, Inna Hauwa, ta rasu a hanya. Baba ya karɓi wayar ya kusantar da ita ga idonsa, ya daɗe yana duban rubutun duk da ba ya ganinsa sosai, sannan ya ce kada a bari mako ya zagayo ba a amsa ba.

Abin da muke roƙo shi ne ka rubuta amsar da harsuna biyu a shafi ɗaya, ka ja layi a tsakiya, Hausa ta hagu, Larabci ta dama, tunda kowane rubutu daga gefensa yake tasowa. Muna so kowace jimla ta tsaya daidai da takwararta, ta yadda mai karatu zai ɗora yatsa a kan ɗaya ya ga ɗayar a gefe. Dalili kuwa, Baffa Usman yana jin Hausa amma ba ya karanta boko, 'ya'yansa ma Larabci suka fi sakewa da shi. Shi kuma Baba ya ce ba zai dangwala hannu a kan maganar da bai ji ta da bakin da ya faɗe ta ba, kuma yana so idan Allah ya haɗa su da mai karanta boko a can, su ji kalmominsa yadda suka fito. A ganina yana da gaskiya, domin ta'aziyya ba saƙon da ake bari tafinta ya yi wa kwaskwarima ba ne.

Kada ta wuce layi 10 a kowane gefe. Hotonta za mu ɗauka mu tura, sabis a wajensu yana zuwa yana ɗaukewa, kuma idan rubutun ya yi yawa zai ƙanƙance a waya har dattijo ya kasa karantawa.

Ga abin da Baba ya faɗa, na rubuta shi kamar yadda ya fito daga bakinsa: “Ƙanena Usman, wasiƙarka ta iso, mun yi kuka, mun kuma gode wa Allah da kuka tsira. Allah ya jiƙan Hauwa, ya sa aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙuri. Mun yi mata addu'a a masallacinmu ranar Juma'a. Gidan kakanmu yana nan, akwai ɗakuna biyu a buɗe, duk ranar da hanya ta samu ku taho. Ka gaya mana amintaccen mutumin da za mu aiko da ɗan taimako ta hannunsa.”

Akwai kalma ɗaya da ya ja kunnena a kanta. Ya ce a gefen Larabci kada ka mayar da “ƙanena” ta zama “ibnu ammi”, ko da hakan ya fi daidai da lissafin nasaba, ka sa “ahi”, domin shi a wurinsa ba ɗan baffa yake rubuta wa ba. Haka nan maganar taimako, ka sassauta ta yadda ba za ta yi kama da sadaka ba. Kai da ka yi shekaru kana karatu a Khartoum, ka fi mu sanin lafazin da mutanen can suke yi wa juna ta'aziyya da shi, saboda haka idan akwai wanda ya fi Larabcin littafi kwanciya a kunnensu, ka yi amfani da shi, amma ka sanar da ni ma'anarsa in gaya wa Baba.

Ka bar ɗan fili a ƙasan shafin inda zai rubuta sunansa da ajami da hannunsa. Idan ka samu hali zuwa ranar Alhamis, zan turo Nasiru ya karɓa bayan la'asar, in karanta wa Baba gefen Hausar kafin mu tura.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Hadiza