Takardar Neman Canjin Makaranta ga Hauwa'u Sani

Unguwar Tudun Wada,
Gusau, Jihar Zamfara.
13 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an dawo hutu lafiya.

Ranka ya daɗe, ni ne mahaifin Hauwa'u Sani, ɗalibarku ta aji shida. Ina roƙon a ba ta takardar canjin makaranta zuwa wata firamare ta gwamnati a Talata Mafara, inda aka mayar da ni aiki tun watan jiya. Iyalina za su biyo ni ranar Asabar, 25 ga wannan wata.

Na san tsakiyar shekara ba lokacin cire yaro ba ne, balle ɗan aji shida. Da farko mun yi shawarar barin ta wurin gwaggonta har ta gama zango na uku. Abin da ya hana shi ne lafiyarta. Kamar yadda malamar ajinsu ta sani, Hauwa'u tana da sikila, kuma a sanyin hunturun nan sau biyu ciwon yana tasar mata cikin dare. Mahaifiyarta ce ta san alamunsa tun kafin ya yi tsanani, ita ce kuma mai kula da maganinta. Ba za mu iya ɗora wa wani wannan nauyi ba.

Na riga na ga shugaban makarantar can, ya ce akwai gurbi. Sai dai ya ja kunnena cewa in ba ta shiga rajistarsu da wuri ba, sunanta ba zai shiga cikin masu jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ta bana ba. Ga abin da ya nema daga wurinku: takardar canji mai sa hannunka da hatimin makaranta, katin sakamakonta na aji huɗu da na biyar da na zangon farko na bana, sai makin gwaje-gwajen aji da aka tara mata zuwa yanzu, da 'yar takardar shaidar halinta.

Akwai wani abu ƙarami da nake roƙon a duba. A katinta na bara an rubuta Hauwa, alhali a takardar haihuwarta ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa Hauwa'u ne. Don Allah a rubuta yadda yake a takardar haihuwar, kada ya zame mata matsala nan gaba. Na haɗo kwafinta, da na takardar canjin wurin aikina, da rasidin kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Littattafan makaranta uku da ke hannunta za ta miƙa wa malamarsu gobe.

In Allah ya yarda zan zo da kaina ranar Litinin, 20 ga wata, in karɓi takardun. In akwai buƙatar sa hannun Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a aiko mini ta bakin yarinyar don in je tun kafin ranar.

Shekara shida tana hannunku, kun yi haƙuri da yawan fashinta. Allah ya saka da alheri.

Naka,
Sani Garba
Mahaifin Hauwa'u