Tsarin hutun Amira da Faruk a Kano

Asabar, 20 ga Disamba: Kawu Sani zai ɗauko ku a filin jirgin Malam Aminu Kano. Wanka, tuwo, barci.

Lahadi: gidan Kaka a Gwale. Ku durƙusa ku gaishe ta, da Hausa, ko da ta karye. Za ta kira Faruk "mijina" ta ce bai kawo cefane ba, wasan jika ne, ka rama. Ba a miƙa mata tsaraba da hagu.

Litinin: da sassafe hawan Dutsen Dala kafin rana ta yi zafi, sai Gidan Makama. A sa rigar sanyi, hunturu ne.

Talata: Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Amira, bar wa Gwaggo ciniki, in suka ji harshenki kuɗin zai ninka.

Laraba da Alhamis: Bichi, wurin dangin Baba. Akwai fura da nono, ba mai cewa ya ƙoshi. Ruwan gora kawai za ku sha, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma kullum.

Juma'a: masallaci da Kawu, da yamma gidan zu, da dare tsire.

Asabar: sallama da Kaka, a ɗaure kaya.