Neman Ƙarin Firji Domin Ajiyar Jini da Sinadaran Gwaji

Sashen Gwaje-gwaje,
14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Babban Daraktan Asibiti.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in roƙi a saya wa sashenmu firji na biyu, domin guda ɗayan da muke da shi ya fara gazawa, kuma a cikinsa jinin asibitin nan gaba ɗaya yake kwana.

Ga abin da ya faru daren Alhamis, 10 ga wata. Da ƙarfe tara na dare abokin aikina ya duba ma'aunin sanyi, ya rubuta digiri 4. Wajen ƙarfe uku da rabi aka aiko daga ɗakin haihuwa ana neman jini leda biyu ga wata mai jego da jini ya ɓalle mata. Yana buɗe firjin ya ji babu wannan sanyin da ke dukan fuska. Ma'auni na kan digiri 14. Akwai wuta, fitilar ciki na ci, kwamfiresa ce ta tsaya, kuma babu wanda ya san tun yaushe, saboda ƙararrawar firjin ta daɗe da mutuwa. Ya kira ni, na zo na taɓa ledojin da hannuna, na ce kada a ba kowa. Leda tara muka cire, ciki har da guda ɗaya ta rukunin O nagatib, wadda sai mu yi wata ba mu samu irinta ba. Allah ya sa ƙanin mijin matar da wani masinja namu rukuninsu ya dace, aka ɗibi nasu, aka tantance, aka ƙara mata. Ta rayu, amma ta jira fiye da awa guda tana zubar da jini, jiran da bai kamata ta yi ba.

Ranka ya daɗe ya fi ni sanin ƙa'idar: jini yana zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 6, kuma a haka ledar da muke amfani da ita kan kai kwana 35. In ya ɗumama, ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ciki, a ƙara wa mara lafiya ya zame masa guba. In ya daskare kuma, jajayen ƙwayoyin jinin su farfashe. Shi ya sa firjin gida ba zai yi mana ba, ko da sabo ne: sanyinsa ba ya daidaita, abin da ke kusa da wurin ƙanƙara sai ya daskare, na bakin ƙofa kuwa ya ɗumama. Na ƙi kai jinin zuwa firjin allurar rigakafi ma, don ba a haɗa su wuri ɗaya.

Sinadaran gano rukunin jini da na gwajin ƙoda da hanta su ma a cikin firjin namu suke, a tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake son su. Illarsu ta fi ɓoyuwa, domin sinadarin da zafi ya taɓa ba lallai ya canza kama ba, sai dai ya ba da sakamakon ƙarya, likita ya yi magani a kansa. Kuma haɗa su da jini na sa a riƙa buɗe ƙofar firjin sau da yawa a wuni, a wannan zafin na bazara.

Mai gyara ya tayar da shi ranar Juma'a, karo na uku ke nan tun watan Janairu, ya kuma gaya mana kada mu saki jiki da shi.

Abin da muke roƙo shi ne firjin da aka ƙera musamman don ajiyar jini, mai ɗaukar leda kamar sittin, mai nuna digiri daga waje da ƙararrawa mai aiki da batir. A haɗa shi da sitabilaiza, a kuma ɗora shi kan sola ko inbata domin ya riƙe kafin a tayar da janareta. In ya zo, jini ya koma cikinsa, tsohon ya zauna da sinadarai, kowanne ya zama madogarar ɗan'uwansa ranar da ɗaya ya tsaya. Na haɗo takardun farashi daga kamfanoni uku da kwafin littafin da muke rubuta sanyin firji safe da yamma.

Ina roƙon a duba wannan kafin damina ta kankama, domin daga Agusta yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini za su cika mana ɗaki, ga masu sikila da masu haihuwa. Kafin nan, na sa masu aikin dare su riƙa duba ma'auni duk bayan awa biyu, mun kuma tanadi kula biyu da ƙanƙara don ko-ta-kwana. Idan Ranka ya daɗe zai samu minti goma, zan so ka leƙo ka ga firjin da idonka.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Babban Ma'aikacin Ɗakin Gwaje-gwaje